Kwamiti ɗaya, adadi biyu: abin da takardar kafa kwamiti ke yankewa tun kafin a zauna

Ranar 10 ga Yuni, 2024, kwamitin da aka ɗora wa aikin duba mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya miƙa rahotonsa ga Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume. Mutum 37 ne suka shafe sama da wata huɗu ana kai ruwa rana, amma da rahoton ya fito sai ga adadi biyu a ciki. Gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu sun tsaya a kan naira 62,000, ƙungiyoyin ƙwadago kuma sun tsaya a kan naira 250,000. Naira 70,000 ɗin da ta zama doka daga baya ba a teburin kwamitin aka tsayar da ita ba. A Fadar Shugaban Ƙasa aka daidaita a kanta ranar 18 ga Yuli, tsakanin Shugaba Bola Tinubu da shugabannin ƙwadago.

Wannan ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Idan a ƙarshe a ofishin Shugaban Ƙasa za a tsayar da magana, mene ne amfanin kwamitin? Amsar tana cikin takardar da ake kafa kowane kwamiti da ita, wadda jama'a ba su cika tambayar abin da ta ƙunsa ba, domin ranar ƙaddamarwa hankali yana kan sunaye da hotuna.

Mece ce wannan takarda

A ofisoshi ana kiranta takardar sharuɗɗan aiki. Wanda ya kafa kwamitin ne yake rubuta ta, ko shugaban ƙasa ne, ko gwamna, ko majalisa, ko hukumar gudanarwar makaranta, ko ƙungiyar 'yan kasuwa. Tana faɗin hurumin kwamitin, wato abin da aka sa shi ya yi da inda ikonsa ya tsaya. Tana faɗin su wane ne mambobi da yadda aka zo da su. Tana tsayar da mafi ƙarancin mutanen da za su hallara kafin zama ya halatta, abin da 'yan majalisa ke kira kworam, wanda a nan za mu riƙa ce masa adadin zama. Sannan tana faɗin wanda za a kai wa rahoto, da ranar kai shi, da siffar da zai zo da ita.

Kwamiti ba shi da ikon kansa, na aro yake riƙe da shi. Duk abin da takardar ba ta ba shi ba, to ba shi da shi. Haka kuma takardar ba za ta iya ba shi abin da mai rubuta ta ba ya da shi ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya nuna wannan a sashe na 62, inda ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai damar kafa kwamitoci, ya ce majalisar da ta kafa kwamiti ita ce za ta tsayar da yawan mambobinsa da wa'adinsu da adadin zamansu, amma ya hana ta miƙa wa kwamiti ikon yanke ko ƙudiri zai zama doka.

Hurumi: shawara ce ko hukunci

Kalmar aikin da aka zaɓa a layin farko ita ce take raba gardama. "Ya duba" daban, "ya bincika" daban, "ya ba da shawara" daban, "ya yanke" daban. Kwamitin albashi na 2024, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar ranar 30 ga Janairu a ƙarƙashin jagorancin Bukar Goni Aji, tsohon Shugaban Ma'aikatan Tarayya, na ba da shawara ne. Mafi ƙarancin albashi yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Don haka hanyar ita ce kwamiti ya kai shawara, Shugaban Ƙasa ya aika da ƙudiri, majalisa ta zartar, a dawo masa ya sa hannu. Ko da mutum 37 ɗin sun haɗa baki a kan adadi ɗaya, ba a ɗaure wa kowa hannu ba.

An ga haka a zagayen baya. Kwamitin Ama Pepple mai mutum 30, wanda aka ƙaddamar a Nuwamba 2017, ya miƙa rahoto a Nuwamba 2018 da shawarar naira 30,000. A Janairu 2019 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince da 27,000. Majalisar Tarayya ce ta mai da shi 30,000, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ranar 18 ga Afrilu, 2019. Shawara ɗaya ta bi ta hannu uku, kowane hannu yana da damar taɓa ta.

Abu na biyu a hurumi shi ne iyaka. Me ke ciki, me ke waje? A maganar albashi, tsayar da mafi ƙaranci abu ɗaya ne, gyara albashin waɗanda suke sama da wannan mataki kuma wani abu ne daban. Idan aka ɗaga na ƙasa daga 30,000 zuwa 70,000, ma'aikacin da a da yake karɓar 65,000 bayan shekarun aiki ya koma ƙasan sabon shiga ke nan, sai an gyara jadawalin gaba ɗaya. A 2019 an sa hannu a Afrilu, amma jayayya a kan wannan gyara ba ta ƙare ba sai Oktoba. A 2024 ma sai da aka kafa wani kwamiti daban a watan Satumba don ya yi wannan aikin. Mai rubuta takarda yana da zaɓi biyu, kuma kowanne yana da masu goyon baya. Wasu suna ganin a haɗa aikin biyu a kwamiti ɗaya don kada ma'aikaci ya jira sau biyu. Wasu kuma suna cewa jadawalin ma'aikatan gwamnati bai shafi kamfanoni ba, jihohi ma kowace da nata, saboda haka cusa shi a teburi ɗaya zai ƙara jan lokaci ne kawai. Abin da ba shi da mai kare shi shi ne a yi shiru a kan batun, kowane ɓangare ya shiga zama da tasa fassarar.

Sai maganar iko a kan mutanen waje. Kwamitin Oputa, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, an faɗaɗa masa hurumi har zuwa 15 ga Janairu, 1966, kuma ya karɓi ƙorafi kusan 10,000. Amma tsofaffin shugabannin soja uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana a gabansa ba. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar da aka dogara da ita wajen ba shi ikon tilasta wa shaidu ba ta da wannan ƙarfi a faɗin tarayya a ƙarƙashin kundin 1999. An rubuta ikon a takarda, amma tushensa bai ɗauke shi ba. Wannan ya shafi ƙaramin kwamiti ma. Kwamitin da ƙungiyar iyaye da malamai ta kafa zai iya gayyatar ɗan kwangila ya zo ya yi bayani, amma ba zai iya yi masa sammaci ba. Gara takardar ta rubuta "gayyata", sannan ta faɗi abin da za a yi idan ya ƙi zuwa, misali a rubuta ƙin zuwan nasa a rahoto a ci gaba da aiki da takardun da ke hannu.

Kujeru: wa ke zaune, kuma da bakin wa yake magana

Rabon kujerun 2024 a bayyane yake. Shugaba ɗaya, sai ɓangarori uku, kowanne da mutum 12. A ɓangaren gwamnati, shida daga tarayya ne, ciki har da ministan kuɗi da na kasafi da ƙaramar ministar ƙwadago, shida kuma gwamnoni ne, ɗaya daga kowace shiyya: na Katsina da Bauchi da Neja da Osun da Anambra da Kuros Riba. Ƙwadago sun raba nasu tsakanin NLC da TUC. Masu ɗaukar ma'aikata sun zo daga ƙungiyoyinsu huɗu na kamfanoni da masana'antu da 'yan kasuwa, wato NECA da MAN da NACCIMA da NASME.

A takarda adalci ne. Amma zama a kujera daban, ikon ɗaure wanda kake wakilta daban. Gwamnoni shida suna cikin kwamitin, duk da haka a farkon Yuni, ana tsakiyar tattaunawa, Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta fitar da sanarwa cewa ko 60,000 ɗin da aka ambata jihohi da yawa ba za su iya ɗorewa a kai ba. Gwamnan da ke wakiltar shiyya ba shi ne yake sa hannu a kasafin maƙwabtansa ba. Su kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ta ƙorafin cewa gwamnonin ba sa zuwa zama da kansu, kuma wakilan da ke wurin ba su da ikon ƙara ko sisi sai sun koma sun tambayo.

Daga nan tambayoyin da ya kamata takarda ta amsa suke fitowa. Kujerar ta mutum ce ko ta muƙami? Idan an rubuta "Ministan Kuɗi", aka sauya minista, sabon ya gaji kujerar kai tsaye. Idan sunan mutum aka rubuta, sai an sake naɗi. Shin mamba zai iya turo wakili? Idan zai iya, wakilin ana lissafa shi cikin adadin zama? Yana da ƙuri'a, ko dai ya zo ya saurara ne ya kai labari? Hanyar da ta fi rage rigima ita ce kowane mamba ya ba da sunan wakili ɗaya tak a rubuce tun zaman farko, wanda muƙaminsa bai gaza wani mataki ba, kuma a ce duk abin da wakilin ya amince da shi ya hau kan mai kujerar. In ba haka ba za a ga sabuwar fuska a kowane zama, rabin lokaci ya tafi wajen sake bayanin abin da aka wuce.

Takarda mai kyau tana kuma faɗin abin da zai faru da wanda ya ƙi zuwa, alal misali rashin halartar zama uku a jere ba tare da uzuri a rubuce ba yana sauke mamba, ɓangarensa ya kawo madadi cikin kwana 14. Tana tilasta wa mai wata maslaha a batun da ake tattaunawa ya faɗa, ya fita kafin a kaɗa ƙuri'a. Matsayin sakatare ma yana buƙatar layi nasa. A 2024 sakataren kwamitin shi ne shugaban hukumar albashi ta ƙasa, kuma yana cikin mutum shida na tarayya. Wannan yana da amfani, domin alƙaluman suna ofishinsa. Amma inda ɓangarori ba su yarda da juna ba, maganin zargi shi ne a ce bayanan kowane zama ba su zama na hukuma ba sai wakili ɗaya daga kowane ɓangare ya sa hannu.

Adadin zama: lissafin da ke ɓoye rikici

Ma'aunin da aka fi sani a Najeriya shi ne kashi ɗaya cikin uku. Sashe na 54 na kundin tsarin mulki ya tsayar da haka ga Majalisar Tarayya, wato mutum 120 cikin 360 na Majalisar Wakilai. Sashe na 96 ya yi haka ga majalisun jihohi, don haka a Kano mai kujeru 40 ana buƙatar 14. Da yake an saba da shi, masu rubuta takardun kwamiti sukan kwafe shi ba tare da sun zauna sun buga lissafi ba.

Bari mu gwada shi a kan kwamiti mai irin wancan tsari, shugaba ɗaya da 12 sau uku. Kashi ɗaya cikin uku na 37 ya haura 12 da kaɗan, kuma ba a raba mutum, saboda haka 13 ne. Ɓangaren gwamnati 12 ne. Idan shugaba ya zauna da su, sun cika 13. Ke nan da wannan ma'auni za a iya yin halastaccen zama babu ɗan ƙwadago ko ɗaya, babu ɗan kasuwa ko ɗaya. A ɗaga shi zuwa fiye da rabi, wato 19. Gwamnati da kamfanoni, waɗanda dukkansu masu biyan albashi ne, sun kai 24, sun wuce da rara. A ƙara ɗagawa zuwa kashi biyu cikin uku, wanda mutane ke ɗauka shi ne ƙarshen tsauri. Na 37 ya zama 25. Masu biya 24 ne, da shugaba 25 cif. Ko a nan ma ana iya zama, a yanke magana a kan albashin ma'aikaci, babu wakilinsa a ɗakin.

Abin da lissafin ya nuna shi ne, a kwamitin da aka gina a kan ɓangarori, ƙirga kawuna kaɗai ba ya kare kowa. Dole a haɗa da sharaɗin wakilci. Sai a rubuta wani abu kamar haka: zama ba zai halatta ba sai da mutum 19, a cikinsu akwai shugaba ko mataimakinsa, da aƙalla mutum huɗu daga kowane ɓangare.

Sai dai wannan magani yana da nasa ciwon. Da zarar an ce sai da kowane ɓangare, an ba kowane ɓangare mabuɗin ƙofa. Wanda bai ji daɗin yadda magana ke tafiya ba sai ya ɗauki takardunsa ya fita, zama ya mutu. Ficewa kuwa ba baƙon abu ba ne a irin wannan teburi. Ranar 15 ga Mayu, 2024, da gwamnati ta kawo tayin 48,000, kamfanoni suka ce 54,000, a gaban buƙatar 615,000, wakilan ƙwadago sun tashi sun bar zauren. Sun sake fita a ƙarshen watan lokacin da tayin ya tsaya a 60,000 su kuma suna kan 494,000. A Legas an ga irin haka a kwamitin binciken 'yan sanda da Mai Shari'a Doris Okuwobi ta jagoranta bayan zanga-zangar EndSARS. A Nuwamba 2020 wakilan matasa sun ƙaurace wa zama saboda rufe asusun banki na wasu masu zanga-zangar, aka ɗage zaman don adadi bai cika ba, masu ƙorafin da suka zo da lauyoyinsu suka koma gida.

Ra'ayi ya rabu a nan, kuma kowanne yana da hujja. Masu kare damar ficewa suna cewa ɓangaren da ba shi da rinjaye ba shi da wani makami da ya wuce wannan, idan aka ƙwace shi ya zama ɗan kallo. Masu adawa suna cewa aikin jama'a bai kamata ya tsaya don mutum huɗu sun yi fushi ba. Tsakiyar da ƙwararrun masu rubuta irin wannan takarda suke bi ita ce dokar zaman da aka ɗage. Idan adadi bai cika ba bayan awa ɗaya da lokacin da aka sa, a ɗage zuwa kwana bakwai, a aika wa kowa sanarwa a rubuce da ajanda iri ɗaya, ba ƙari. A zama na biyu sharaɗin wakilci ya faɗi, ƙirga kawuna ya isa, amma a rubuta a rahoto cewa an yanke wannan magana babu ɓangare kaza. Da haka wanda ya fita ya samu mako guda na matsa lamba da jan hankalin jama'a, amma bai samu ikon kashe kwamitin ba.

Akwai wasu ƙananan ramuka biyu da ake yawan faɗawa. Na farko, da wane jimilla ake lissafi? Ɗauki kwamitin mutum tara da ƙungiyar kasuwa ta kafa don raba sabbin shaguna. Biyu sun ajiye aiki, ba a cike gurbinsu ba. Fiye da rabin tara biyar ne, fiye da rabin bakwai huɗu ne. Ranar da mutum huɗu suka zo, wasu za su ce a zauna, wasu su ce ba a cika ba, kuma duka biyun suna karanta layi ɗaya ne. Sashe na 159 na kundin tsarin mulki ya rufe wannan ƙofa ga hukumomin tarayya irin su INEC, da ya ce a lissafa da yawan mambobin da ke akwai a ranar zaman. Ƙara wannan 'yar magana a takarda ya isa.

Na biyu, yaushe ake ƙirgawa? An buɗe zama ƙarfe goma da mutum bakwai, kowa ya sa hannu a rajista, an raba alawus. Aka tashi sallar Azahar, uku ba su dawo ba. Ƙarfe uku aka zo kan jerin sunayen waɗanda za a ba shagunan, mutum huɗu suka amince. Rajista tana nuna bakwai, ɗakin yana ɗauke da huɗu. Idan takarda ba ta ce dole adadin ya tsaya har lokacin yanke magana ba, to wanda aka hana shago ba shi da abin kamawa sai zargi. Alamar da ake gane irin wannan ita ce bayanan zama da suka rubuta "an amince baki ɗaya" ba tare da adadin masu ƙuri'a ko lokacin da aka kaɗa ba.

Idan an zauna, yaya ake yanke magana

Adadin zama da adadin yanke hukunci abubuwa biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. A wancan kwamiti na mutum tara, idan biyar sun isa zama, kuma rinjayen waɗanda suka halarta ya isa hukunci, to mutum uku za su iya ɗaure tara. Wannan ba laifi ba ne a kan sa ranar zama na gaba, amma a kan rahoton ƙarshe ko kashe kuɗi ya dace a nemi rinjayen dukkan mambobi. A kwamitin Legas, shawarar mayar da ƙofar karɓar kuɗi ta Lekki ga kamfanin da ke kula da ita a Fabrairu 2021 ta wuce ne da biyar a kan huɗu, kuma huɗun sun fito da matsayarsu daban.

A teburin albashi ƙuri'a ba ta cika warware komai ba, domin masu biya sun ninka masu karɓa, kuma adadin da aka ƙaƙaba wa ƙwadago da 24 a kan 12 zai ƙare a yajin aiki. Shi ya sa ake neman daidaito. Amma daidaito ba shi da agogo. Abin da takarda za ta iya yi shi ne ta faɗi tun farko abin da zai biyo baya idan an kasa: ko shugaba ya rubuta nasa adadin da dalilansa, ko a koma ga ma'aunin da aka yarda da shi tun kafin a fara ja-in-ja, kamar hauhawar farashi tun daga dokar baya, ko kuwa a kai matsayar kowa yadda take ga wanda ya kafa kwamitin. Na ƙarshen ne ya faru a 2024. Ba ƙarya aka yi ba, kuma ya fi a rubuta daidaiton da babu shi, amma ya mayar da ainihin cinikin zuwa ɗakin da gwamnoni shida da wakilan kamfanoni 12 ba su ne masu magana ba.

Rahoto: ga wa, yaushe, sannan me

Dokar 2019 ta ba naira 30,000 wa'adin shekara biyar, wanda ya cika a Afrilu 2024. Kwamitin ya fara aiki saura mako goma sha ɗaya. Ya yi zaman jin ra'ayin jama'a ranar 7 ga Maris a shiyyoyi shida, ciki har da Kano da Yola. Afrilu ya wuce ba rahoto. Ƙwadago suka sa nasu wa'adin na 31 ga Mayu, suka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni, aka kashe babban layin lantarki na ƙasa, jirage suka tsaya. A daren ranar aka yi yarjejeniyar cewa kwamitin zai riƙa zama kullum har mako guda. Wa'adin da ya yi aiki a ƙarshe daga yajin aiki ya fito.

Saboda haka "cikin gaggawa" ko "ba tare da ɓata lokaci ba" ba wa'adi ba ne. Ana rubuta rana da wata da shekara, kuma a ƙirgo ta daga baya. Idan doka za ta ƙare a tsakiyar Afrilu, kuma majalisa da fadar gwamnati suna buƙatar mako shida, rahoto ya shigo a ƙarshen Fabrairu. A sa rahoton wucin gadi a tsakiyar wa'adi, shafi biyu ko uku, mai faɗin zama nawa aka yi, wa ya zo, me aka daidaita, me ya rage. A faɗi wanda ke da ikon ƙara lokaci, sau nawa, kwana nawa. Inda alawus na kowane zama ne kuma babu ranar rufewa, ba sai an yi wa kowa mummunan zato ba kafin a gane cewa tsarin bai ba kowa dalilin sauri ba.

Ɓangaren da aka fi mantawa shi ne nauyin da ke kan mai karɓar rahoton. A al'adar gwamnati, bayan rahoto akan fitar da farar takarda, wadda ke faɗin shawarar da aka karɓa da wadda aka ƙi. Gwamnatin Legas ta karɓi rahoton Okuwobi ranar 15 ga Nuwamba, 2021, ta fitar da farar takarda a ƙarshen watan. A cikin shawarwari 32 kan zargin harbin masu zanga-zangar EndSARS a ƙofar Lekki ta karɓi 11, ta karɓi shida da gyara, ta ƙi ɗaya, ta tura 14 ga Gwamnatin Tarayya da cewa ba huruminta ba ne. An yi ta muhawara a kan wannan matsaya, amma aƙalla akwai abin da za a riƙe a yi muhawarar. Rahoton Oronsaye kan rage hukumomin gwamnati an miƙa shi a 2012, farar takardarsa ta fito a 2014, kuma a Fabrairu 2024 ne aka sake ba da umarnin aiwatar da shi. Na Oputa, wanda aka miƙa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Layi biyu a takardar kafa kwamiti suna rage wannan: cewa za a buga rahoton ga jama'a cikin kwana 30, tare da ra'ayin marasa rinjaye idan akwai, kuma mai karɓa zai ba da amsa a rubuce cikin kwana 60.

Inda abin ke taɓa aljihu

Tsakanin cikar wa'adin tsohuwar doka a Afrilu da sa hannu a sabuwa ranar 29 ga Yuli, 2024, an yi sama da wata uku, a lokacin da farashin abinci da na mota ke ta hawa bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Bambancin tsohon adadi da sabo naira 40,000 ne a wata. A ranar ma'aikata an ji daga bakin gwamnati cewa sabon albashin zai fara aiki daga 1 ga Mayu, amma kwamitin gyaran jadawali ya tsayar da 29 ga Yuli ga ma'aikatan tarayya. Ranar fara aiki ita ma batu ce da za a iya sa wa a hurumin kwamiti tun farko, ta yadda jinkirin tattaunawa ba zai zama ribar mai biya ba.

Jihohi kuma kowace ta kafa nata kwamitin, shi ya sa Kano ta tsaya a 71,000, Kaduna 72,000, Neja 80,000, Legas 85,000, kowace da ranar da ta fara biya. Akwai kuma waɗanda ba su da kujera a ko'ina. Dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka yaron shago a Kantin Kwari, da mai aikin gidan burodi, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, ba su cikin lissafin, alhali farashin kasuwa ɗaya suke saye da kowa. Gyaran 2024 ya rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, ke nan a 2027 za a sake zama a kan wannan teburi, da sabuwar takardar kafa kwamiti.